Kafin a Karɓi Kafin Alƙalami: Wasiƙar Mai Gina Shafin Intanet Zuwa ga Mai Gidan Abinci

Sharhinmu na yau a kan wata takarda ne wadda ba ta wuce shafi biyu ba, wato wasiƙar da matashi mai gina shafukan intanet, wanda yake zaman kansa ba a ƙarƙashin wani kamfani ba, yake rubuta wa mai gidan abinci kafin ya fara yi masa aiki. A cikinta ne zai faɗi abin da zai yi, da lokacin da zai gama, da kuɗin da za a biya shi. Yawancin 'yan wannan sana'a a garuruwanmu ba sa rubuta ta. A waya ake ciniki, a ce nawa, a ce kaza, a ce Allah ya sa albarka, a tura rabin kuɗi. Bayan wata uku sai ka ji mai gidan abinci yana cewa yaron ya ci masa kuɗi, shi kuma yaron yana cewa an mai da shi bawa. Kuma sau da yawa idan ka zauna da kowannensu, za ka tarar babu maƙaryaci a cikinsu. Kowa abin da ya fahimta ranar ciniki yake riƙe da shi.

Mu ɗauki misali guda mu bi shi dalla-dalla. A ce wata Hajiya ce take da gidan abinci a wajen titin Gidan Zoo a Kano. Tana sayar da tuwon shinkafa da miyar taushe, da dafa-duka, da masa, da farfesun kayan ciki, da zoɓo da kunun aya. Ta kira matashin ta ce masa, "Ɗana, so nake ka yi mini shafi yadda mutane za su riƙa ganin abincinmu suna yin oda." Alƙaluman da zan ambata duk na misali ne, kada wani ya riƙe su a matsayin farashin kasuwa.

To, a cikin maganar nan ta Hajiya, "suna yin oda" shi ne wurin da rigima take kwance. Domin aiki uku ne daban-daban ake iya kira da wannan suna. Na farko, a sa maɓalli a shafin, wanda idan mutum ya taɓa zai buɗe masa WhatsApp na gidan abincin, ya rubuta abin da yake so da kansa. Wannan aikin 'yan mintoci ne, da adireshin wa.me da lambar waya an gama. Na biyu, mutum ya riƙa zaɓar abinci ɗaya bayan ɗaya, shafin yana tara masa lissafi, a ƙarshe ya haɗa masa saƙo tsaf, faranti biyu na dafa-duka, gora ɗaya ta zoɓo, jimla kaza, ya tura wa mai karɓar oda ta WhatsApp, sannan a biya ta tiransifa ko a biya hannu da hannu. Wannan aikin kwanaki ne. Na uku kuwa, mutum ya zaɓa, ya biya da katinsa a cikin shafin, shafin ya lissafa kuɗin kai saƙo gwargwadon unguwa, ya sanar da madafa, kuma ya san cewa farfesu ya ƙare tun ƙarfe biyu don kada ya ci gaba da karɓar kuɗinsa. Wannan aikin makonni ne, kuma yana jawo tambayoyin da Hajiya ba ta taɓa tunaninsu ba. Wa zai zauna gaban waya yana kashe abincin da ya ƙare? Idan an biya kuma babu abincin, wa zai mayar da kuɗi, cikin kwana nawa? Daga titin Gidan Zoo zuwa Hotoro nawa ne, zuwa Rijiyar Zaki nawa ne?

Hajiya tana iya ɗaukar cewa na ukun ta saya, shi kuma matashin na farko ya yi wa farashi. Saboda haka wasiƙa mai kyau ba ta rubuta "zan haɗa tsarin oda" ta wuce. Ga yadda ya kamata ta faɗa:

"Ranki ya daɗe Hajiya, bayan gaisuwa da fatan alheri. Bisa ga zaman da muka yi, na fahimci bukatarki ita ce a rage kiran waya da ake yi ana tambayar farashi, kuma a daina kuskuren oda a lokacin cunkoson rana. Don haka zan gina shafin da mai saye zai zaɓi abinci, ya ga jimlar kuɗinsa, sannan odar ta iso lambar WhatsApp ɗaya ta gidan abincin a rubuce. Biyan kuɗi zai ci gaba yadda kike yi yanzu, ta tiransifa ko POS. Biya da kati a cikin shafin ba ya cikin wannan aiki."

Ku lura da abu biyu a nan. Wasiƙar ta fara da damuwar Hajiya, ba da tarihin matashin da jerin manhajojin da ya iya ba. Mai gidan abinci ba ruwanta da sunan yaren kwamfutar da aka yi amfani da shi, kiran wayar nan da ya dame ta shi take so ya ragu. Na biyu, jimlar ƙarshe, wadda ta faɗi abin da ba ya ciki. A ganina wannan ita ce jimla mafi daraja a takardar baki ɗaya, kuma ita ce matasa suka fi jin nauyin rubutawa, wai kada a ga kamar suna ƙyashin aiki. Alhali mutumin da aka gaya wa tun farko cewa abu kaza ba ya ciki, yana da zaɓi: ko ya haƙura, ko ya ce a ƙara a faɗa masa kuɗin. Wanda ya gano haka ranar da aka miƙa masa aiki kuwa, gani zai yi an yaudare shi.

Kuma idan Hajiya ta ce a'a, ita lallai tana son biya da kati, to wajibi ne wasiƙar ta gaya mata cewa wannan ba kyauta ba ne ko bayan an gina shi. Kamfanonin da suke karɓar kuɗi a madadin 'yan kasuwa, irin su Paystack da Flutterwave, suna cirar nasu a kan kowane ciniki. Tsarin da Paystack ya daɗe a kansa ga katunan cikin gida shi ne kashi 1.5 cikin ɗari da ƙarin naira 100, ana yafe ɗarin nan idan cinikin bai kai naira 2,500 ba, kuma cirar ba ta wuce naira 2,000. Wato odar naira 6,000 za a cire mata naira 190. Ba wani abu ba ne a ciniki ɗaya, amma mai sayar da abinci da ribarta ke cikin faranti, tana da haƙƙin ta san wannan kafin ta amince. Sannan asusun da za a buɗe a wajen kamfanin, da sunan kasuwancinta da asusun bankinta za a buɗe shi, kuma kamfanin zai nemi takardun shaida, har da rajistar CAC idan a matsayin kasuwanci mai rajista za a shiga. Duk matashin da ya ce a bari kuɗin abinci su riƙa biyowa ta asusunsa kafin su isa ga mai su, ya ɗauko wa kansa Dala ba gammo.

Sauran iyakar aikin da lamba ake faɗarta. Shafuka biyar: na gaba, jerin abinci, odar biki da taro, labarin gidan, da inda muke. Nau'in abinci har 40, kowanne da suna da farashi da hoto ɗaya. Harshe ɗaya ko biyu, a faɗa, domin Hausa da Turanci aiki biyu ne. Gyara zagaye biyu, kuma a bayyana mene ne zagaye: Hajiya ta duba, ta tara duk abin da take so a sauya, ta turo a saƙo ɗaya. Idan ba a rubuta haka ba, gyara zai riƙa zuwa ɗai-ɗai, yau launin bai yi ba, gobe babban ɗanta ya dawo daga makaranta ya ce a sauya rubutun, jibi ƙawarta ta ga wani shafi a Abuja. Ba mugunta ba ce, ba a gaya mata cewa kowace ƙaramar magana tana cin yini ba.

Sai batun hotuna, wanda nake so in ɗan tsaya a kansa. Wa zai ɗauka? Idan wasiƙar ta yi shiru, Hajiya za ta ɗauka aikin matashin ne, shi kuma zai zauna yana jiran ta turo. Daga ƙarshe wanda ya gaji a cikinsu zai kwaso hotunan abinci daga intanet, a wayi gari shafin gidan tuwo yana ɗauke da hoton shinkafar wani otal na ƙasar waje. Wannan ɗaukar kayan wani ne ba da izini ba, kuma mai saye da ya ga faranti a hoto, aka kawo masa wani daban, ba zai sake dawowa ba. Layi ɗaya ya isa: "Hotuna daga wajenki za su fito. Idan kina so in zo da mai ɗaukar hoto, wannan kuɗinsa daban ne, zan kawo miki lissafinsa."

Kafin mu bar iyakar aiki, akwai tambayar da ba a cika yi ba: ta yaya za a san an gama? Kalmar "mai kyau" ba ma'auni ba ce. A rubuta abin da za a iya gwadawa a tsaye a gaban kanta. Za a ɗauki wayar Android ta talaka, ba ta matashin mai tsada ba, a kashe Wi-Fi a kunna data, a buɗe shafin, a zaɓi abinci uku, a tura, a ga saƙon ya shigo wayar gidan da lissafi daidai. Za a ga adireshin ya fara da https, burauza ba ta yi gargaɗin rashin tsaro ba. Za a ga jerin abincin rubutu ne da ake karantawa kai tsaye, ba fayil ɗin PDF ba wanda sai an sauke an yi ta jan sa da yatsa. Kuma ma'aikaciyar Hajiya za ta sauya farashin masa da hannunta, ba tare da ta kira kowa ba. Wannan na ƙarshen yana da muhimmanci a ƙasar da farashin buhun shinkafa ba ya zama wuri ɗaya. Shafin da sai an nemo wanda ya gina shi kafin a sauya lamba, cikin wata biyu zai koma yana faɗa wa mutane tsohon farashi, a riƙa musu da su a bakin kanta.

Yanzu lokaci. Kuskuren da aka saba shi ne a rubuta "zan gama cikin mako biyar" a tsaya nan. Mako biyar daga yaushe? Tela ba ya fara ƙirga kwanakin ɗinki sai an kawo masa yadi. Haka shi ma matashin, agogonsa ba ya tashi sai abu biyu sun shigo hannunsa: kafin alƙalami, da kayan aiki, wato jerin abinci da farashi, hotuna, tambarin gidan, lambar waya da lokutan buɗewa. Wasiƙar ta ce:

"Mako biyar ɗin za su fara ne daga ranar da kafin alƙalami da waɗannan kayan suka cika a hannuna. A makon farko zan nuna miki zanen shafin gaba da na jerin abinci. Mako na biyu da na uku na gini ne. Mako na huɗu na gwaji da gyara. A na biyar za mu buɗe shafin, in koya wa ma'aikata biyu yadda ake sarrafa shi. Duk lokacin da na turo abu don ki duba, ina roƙon amsa cikin kwana uku na aiki. Duk kwanan da ya ƙaru a kan haka, zai ƙaru a kan ranar gamawa."

Wani zai ce wannan ai rashin kunya ne, yaro yana gindaya wa babba sharaɗi. Ni ban ga haka ba. Mai gidan abinci tun asuba take tsaye, daga kasuwa zuwa madafa zuwa kanta, kuma duba zanen shafi shi ne abu na ƙarshe da zai faɗo mata a rai. Idan ba a nuna mata cewa jinkirinta yana tura ranar gamawa ba, ba za ta sani ba. Mafita mai sauƙi ita ce wasiƙar ta nemi ta ware mutum ɗaya, ko ita ko manajanta, wanda maganarsa ce ta ƙarshe. Sannan a ƙara cewa idan aka yi kwana 14 babu amsa, za a ajiye aikin a kama na wani, sai an sake tsara sabon lokaci. Mai zaman kansa ba shi da albashi, makon da ya zauna jira mako ne da bai ci ba.

Idan kuma akwai ranar da Hajiya take hari, a ce tana son shafin ya fara aiki kafin azumi saboda odar buɗa baki, to sai a ƙirga da baya a rubuta mata ainihin ranar da kayan za su iso, a kuma bar mako guda na ko-ta-kwana. Akwai kuma abin da ba ya hannun matashin ko kaɗan. Sa gidan abinci a Google Maps yana bukatar Google ya tantance wurin, wani lokaci ta hanyar bidiyon da za a ɗauka na shagon, kuma su ke da lokacinsu. Abin da zai yi alkawari shi ne cike bayanai da turawa. Haka nan duk wanda ya rubuta cewa zai sa shafi ya fito na ɗaya a binciken Google, ya yi alkawarin abin da ba nasa ba.

Sai kuɗi. A misalinmu jimla naira 450,000 ce, kuma bai kamata ta zo a dunƙule ba. Tsari da zane 120,000. Gina shafuka biyar da shigar da jerin abinci 180,000. Haɗa oda zuwa WhatsApp 70,000. Aikin Google Maps 30,000. Koyar da ma'aikata da kulawar wata ɗaya bayan buɗewa 50,000. Amfanin rarrabawar yana fitowa ne lokacin da Hajiya ta ce, kamar yadda kowane ɗan kasuwa zai ce, "A rage mana." Wanda ya kawo dunƙulallen farashi ba shi da abin yi sai ya rage daga guminsa, ya yi aikin 450,000 a kan 300,000, ya yi shi yana ƙunƙuni. Wanda ya rarraba kuwa sai ya ce, "To Hajiya, mu cire shafin odar biki da aikin taswira a yanzu, mu yi su bayan salla." Kuɗi sun ragu, aiki ma ya ragu, babu wanda aka cuta.

Biyan kuma kashi uku: naira 180,000 kafin a fara, 180,000 ranar da ta ga shafin yana aiki a adireshin gwaji, sai cikon 90,000 kafin a ɗora shi a adireshinsa na dindindin. Kowane biya an ɗaure shi da abin da ido zai gani, ba da kwanan wata ba. Hajiya ba ta taɓa biyan abin da ya yi nisa da abin da aka nuna mata, shi kuma ba ya taɓa yin aikin sama da mako uku a kan bashi. A kuma rubuta abin da zai faru idan aka fasa a tsakiya: abin da aka biya na matakin da aka kammala ya zauna, abin da ba a fara ba babu bashinsa.

Amma kuɗin da ya fi haddasa ɓacin rai ba wannan ba ne, wanda yake dawowa duk shekara ne. Shafi yana da adireshi, kuma adireshin haya ne. Wanda ya ƙare da .com.ng yana ƙarƙashin kulawar ƙungiyar NiRA, ana sayensa ta hannun dillalan da ta amince da su, kuma ana sabunta shi. Haka wurin da shafin yake zaune a kan saba, shi ma haya ne. A ce su biyun sun kama naira 60,000 a shekara a misalinmu. Idan wasiƙar ba ta faɗa ba, bayan wata goma sha biyu shafin zai ɗauke ɗif, Hajiya ta kira a fusace, a ce mata sai ta biya, ta ce ai ta biya tun bara. Ga shi kuma wasu daga cikin waɗannan kuɗaɗe da dala ake lissafa su. Duk wanda yake wannan sana'a a watan Yunin 2023, lokacin da aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa, ya san abin da ya biyo baya: dalar da take wajen naira 460 a farashin hukuma ta haura 1,500 a farkon 2024. Wanda ya yi wa abokin ciniki alkawarin kuɗin haya na shekaru a naira, daga aljihunsa ya cika. Shi ya sa ake rubuta cewa kuɗin shekara na kamfanonin haya ne ba na mai ginin ba, yana iya sauyawa, kuma farashin da ke cikin wasiƙar kansa yana aiki ne na kwana 14 ko 30 kacal.

Wannan ya kawo mu ga sakin layin da nake ba kowane mai gidan abinci shawara ya nema kafin ya sa hannu, ko da bai karanta sauran ba. Da sunan wa za a yi rajistar adireshin? Abin da aka saba shi ne matashin ya yi da imel ɗinsa don sauri. Ranar da ya samu aiki a Legas, ko ya sauya layi, ko suka ɓata, Hajiya za ta tarar adireshin da ta buga a jikin leda da allon ƙofa da babur ɗin kai saƙo ba nata ba ne. Wasiƙar mai gaskiya tana cewa adireshi da hayar saba da shafin Google duk da sunan Hajiya da imel ɗinta za a buɗe su, shi za a ba shi izinin shiga ne kawai, kuma ranar da cikon kuɗi ya shigo zai miƙa duk kalmomin sirri a rubuce. Haka lambobin waya da adireshin gidajen masu oda, amanar gidan abincin ce, ba zai kwashe su ya yi wani amfani da su ba, balle ma ga dokar kare bayanan jama'a da Najeriya ta kafa a 2023.

Sai a fayyace kulawar wata ɗayan nan. Idan wani abu da aka gina ya lalace, maɓalli ya daina aiki ko lissafi ya kauce, gyaransa kyauta ne. Idan sabon abu ake so, a ce an buɗe reshe a Zariya ana son a ƙara shi, wannan sabon ciniki ne da sabuwar takarda. Bayan wata ɗaya kuma, ko dai a yi yarjejeniyar kulawa, a ce naira 20,000 duk wata, ko a riƙa biya duk lokacin da aka kira shi.

A ƙasan takardar sai gurbi biyu na suna da sa hannu da kwanan wata, kowa ya riƙe kwafi. Idan Hajiya ta fi sakewa da Hausa, da Hausa za a rubuta mata, kuma ya fi kyau matashin ya je da kansa bayan la'asar, lokacin da cunkoso ya lafa, ya karanta mata a gaban manajanta ko ɗanta, ya tsaya a kan layin abin da ba ya ciki da layin kuɗin shekara, ya tambaye ta ko haka ta fahimta. Idan ta ce a'a, a gyara takardar a wurin kafin a tura ko sisi.